Ɗakin Iya Ranar Rabon Gado

Baba ya rasu ana tsakiyar noman farko, ya bar mata uku da mu 'ya'yansa goma, maza huɗu, mata shida. Ba a tayar da maganar gado ba sai da matan suka fita takaba, aka kuma kai dawa rumbu, domin Baffa, ƙanin Baba, ya ce ba za a raba gona da amfani tsaye a cikinta ba.

Inna ce uwargida, ita ta haife ni. Umma ce ta uku. Ta tsakiyarsu ita ce Iya, wadda aka auro daga Toranke, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ranar da aka yaye ni, Inna da kanta ta saɓa ni a kafaɗa ta tsallaka tsakar gida ta dire ni a ƙofar Iya, ta ce, "Ga 'yarki nan." Ta juya ta koma ɗakinta. Babu wanda ya sa ta, haka ta ga ya dace. Tun daga ranar ɗakin Iya ne ɗakina, har sai da na kai shekara bakwai kafin wata 'yar maƙwabta mai shegen surutu ta gaya mini wadda ta haife ni. Na zo da gudu ina kuka na faɗa wa Iya. Ko a jikinta. Ta ce, "To sai me? Share majinar nan, ki je ki gaishe ta ki dawo, tuwonki na hucewa."

Ɗakin ba wani ɗaki ba ne. Ginin ƙasa ne da aka yi wa rufin kwano daga baya, da ɗan fili a gabansa inda take girki, da katanga gajeriya da ta raba shi da sauran gidan. Amma a cikinsa na koyi komai. A kan gadon ƙarfenta mai rumfa na yi ƙyanda. A bakin ƙofarsa take matse ni tsakanin gwiwoyinta ta yi mini kitso, ina zuba kamar an kunna rediyo, tana ƙwanƙwasa mini kibiya a ka tana cewa, "Ke kam bakin nan naki da haya kike ba da shi da mun gina bene." Daga ɗakin aka ɗauke ni zuwa gidan miji a Gaya, a cikinsa na yi wankan jego uku, Iya na tsuga mini ruwan zafi da ganyen darbejiya ina ihu tana dariya. Ko da na zama malamar firamare mai koyar da lissafi, in na zo gida ba na ajiye jakata a ko'ina sai a nan. Inna kuwa gaisuwa ce tsakaninmu. Ba ta kama sunana, ba ta tsawata mini, in na yi laifi sai ta ce a je a gaya wa uwata.

Duk tsawon takaba kowace Asabar ina hanya. Wata rana na tarar da Iya ta sauke jeren kwanukanta tana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ƙaninta ya aiko daga Toranke, wai in ta fita takaba ta dawo gida, ya gyara mata ɗaki.

Na ce, "To me kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce na gode." Ta kife kwano ta ɗauki wani. "Gida wane iri, 'yar nan? Shekara arba'in da wani abu. Waɗanda na sani a can duk suna ƙasa. Ni dai da za a bar ni a ɗakin nan, daga nan nake so a fitar da ni."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Ni kuma na buga ƙirji na ce wa ya isa ya taɓa mata ɗaki ina raye. Ta ce, "Oho dai, mai bakin haya."

Kwana biyu kafin rabo mai unguwa ya zo da dattawa uku da suka san darajar gona da dabba, tare da malamin da Baffa ya gayyato daga Gaya, wani tsoho siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Suka zaga gonaki, suka leƙa rumbuna, suka duba shanun huɗa da amalanke, sannan suka yi sallama suka shigo cikin gida. Malam ya ce abin da yake na mace ba ya shiga gado, saboda haka kowacce ta nuna nata. Iya ta nuna gadonta da kwanukanta da awakinta biyu. Yaya, babban wanmu, ɗan farin Inna, shi ya yi ƙoƙarin nema mata mafita, Allah ya saka masa. Ya ce, "Iya, Baba bai taɓa cewa ya ba ki ɗakin nan kyauta ba? Ki tuna dai."

Na zuba mata ido. Da ta ce e, na rantse babu wanda zai tashi ya ƙaryata ta a gidan nan. Sai ta ce, "Ranar da aka kawo ni ya ce ga ɗakinki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba yana kwance."

Malam ya gyaɗa kai ya ce wannan wurin zama ne miji ya ba matarsa, ba kyauta ba ce, ɗakin yana cikin gado. Dattawan suka auna shi da ido, suka yi ƙus-ƙus, aka rubuta.

Ranar rabo da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Maza a gaba, mu mata a baya wajen inuwar rumbu, iyayenmu uku a jere a kan tabarma ɗaya, ni kuma ina bayan Iya, gwiwata na taɓa bayanta. Duk mun balaga, har autanmu, ɗan Umma, ya fara maganar aure. Malam ya yi addu'a, ya tambaya ko an biya abin da aka kashe wajen jana'iza, ko akwai mai bin mamaci, ko ya bar wasiyya, ko akwai matar da ba a cika mata sadakinta ba. Baffa ya ce an gama da duk wannan, wasiyya kuma babu. Iyayen Baba sun daɗe da rasuwa, saboda haka magada su ne matan da 'ya'yan. Baffa kansa ba shi da komai tunda akwai 'ya'ya maza, ya ce shi shaida kawai ya zo.

Sai Malam ya ce a kawo masa gyaɗa. Muka kalli juna. Ya ce in ya yi lissafin a takarda shi kaɗai zai gane, shi kuwa yana so kowace tsohuwa ta gani da idonta. Aka ɗebo a kwano, ya ƙirga ƙwaya arba'in da takwas a kan tabarma, ya ce, "Wannan ita ce dukiyar mamaci gaba ɗaya." Ya ware shida gefe. "Wannan tumuni ne, ɗaya cikin takwas, na matan aure. Ko mace ɗaya ya bari ko huɗu, shi ke nan abin da za su raba, tunda ya bar 'ya'ya. Mai 'ya'ya da marar 'ya'ya duk ɗaya ne, kowacce biyu." Ragowar arba'in da biyu ya bi mu kai-kai, kowane namiji shida, kowace mace uku. Babu wadda ta yi saura.

Daga nan dattawan suka faɗi darajar kowane abu da gyaɗar. Babbar gonar gandu ashirin da huɗu, rabin dukiyar ke nan cif. Gidan sassa uku ne, kowane sashe biyar. Ƙaramar gona da dabbobi da hatsi su ne sauran.

Malam ya cire tabarau ya goge. Ya ce shari'a ta gama nata, kowa ya san kasonsa. Amma in aka ce kowa sai an yanka masa nasa a cikin kowace gona da kowane ɗaki, za a wayi gari mutum yana da gonar da ba ta kai shimfiɗar tabarma ba. Abin da mutane suka saba shi ne a haɗa kaso ɗaki-ɗaki, kowace uwa da 'ya'yanta su ɗauki abu dunƙule, su ci gaba da amfana tare. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma ku ji da kyau. Wannan sulhu ne, ba hukunci ba. Kowa da nasa. Wanda ya ga dama ya cire kasonsa ya tsaya shi kaɗai, ko ya haɗa da wanda yake so. Babu mai tilasta shi."

Aka ce an yarda a haɗa. Yaya ya matso ya fara tattara na ɗakin Inna: nata biyu, na mazan uku, na ƙannena mata biyu. Sannan ya kai hannu ya share ukuna ya zuba a ciki, ko kallona bai yi ba, don a wurinsa ba abin tambaya ba ne, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Suka tashi ashirin da tara. Dattawan suka ce ikon Allah, babbar gona da sashen Inna ke nan daidai, ko taki ɗaya ba sai an yanka ba. Ɗakin Umma, ita da ɗanta da 'ya'yanta mata uku, suka tashi goma sha bakwai. A gaban Iya kuwa ƙwaya biyu ne, an ajiye su a bakin tabarma.

Ni malamar lissafi ce, jama'a. 'Yan aji ɗaya nake koya wa biyu da uku. Tun kafin Yaya ya janye hannunsa na gani: biyun Iya da ukuna biyar ne, ɗakinta kuma biyar aka yi masa. Abin da ake bukata kawai in buɗe baki in ce, "Malam, nawa a haɗa da na Iya." Illarsa ɗaya, sai an yanki wani gefe na babbar gona an ba ɗakin Umma don lissafi ya cika. Gonar ba za ta mutu don wannan ba.

Na kalli Inna. Kanta a sunkuye, tana jan carbi. Sai na ji wani nauyi ya danne ni. Matar nan ta ɗauki cikina, ta ba da ni ba ta taɓa goranta wa kowa ba, yau kuma a gaban mai unguwa da baƙin malami in tashi in kwashe kasona daga gabanta in kai gaban wata? Me za a ce a gari? A ce 'yar da aka ba riƙo ta tsallake uwar da ta haife ta, ta sa an yanka gonar 'yan uwanta. Na ce a raina bari Iya ta ɗan waiwayo, ko da ido ne, sai in yi magana. Iya ba ta waiwayo ba. Na ce to bari Inna ta ɗago. Inna ba ta ɗago ba.

Dattawan suka ci gaba. Tunda biyu ba ta kai darajar ɗaki ba, sashen Iya ya faɗa cikin kason ɗakin Umma, tare da nasu sashen da ƙaramar gona. Iya aka ba ta sa ɗaya daga cikin shanun huɗa da 'yan dammunan dawa. Sa! Tsohuwar da ko akuya sai an kama mata.

Malam ya tambaya, "Kowa ya yarda?" Maza suka amsa. Ya juyo wajenmu ya sake tambaya, aka amsa ƙasa-ƙasa. A karo na uku ya ɗan tsaya, ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Mata, kada kunya ta sa wata ta cutu. In akwai mai magana yanzu ne lokacinta." Wallahi har na ji maganar ta hau maƙogwarona. Ni da ake roƙo in yi shiru a taron malamai, ni da na taɓa tsayar da direban mota a tasha na wanke shi tas a kan canji, ranar nan ko tari ban yi ba. Aka kawo takarda, na sa hannu da biro, Iya ta dangwala yatsa. Aka shafa fatiha. Yara suka wawashe gyaɗar.

Babu wanda ya kori Iya, kada a ɗauki alhakin kowa. Umma tun a tabarmar ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ɗakinki ɗakinki ne, wallahi babu abin da ya canja." Autanmu ma ya zo ya durƙusa ya faɗi haka. Iya ta sa musu albarka. Amma ta san yaron aure zai yi, ta san babu inda zai sa amarya sai nan, ta kuma san ba zai taɓa buɗe baki ya ce ta tashi ba, sai dai ya yi ta ɗaga bikin. Ba irin matar da za ta zauna tana tare wa yaro hanya ba ce. Bayan sati uku ta aika wa ƙaninta.

Na zo na yi ta faɗa kamar zan tashi gidan. Na ce ta biyo ni Gaya, ɗaki har biyu gare ni. Ta riƙe haɓa ta ce, "Gidan suruki? In yi ta laɓe-laɓe kamar mara gaskiya, in ci tuwo a ɓoye? A'a, rufa mini asiri." Na je wajen Yaya na ce a warware rabon. Ya ce, "Haba, ke da kike wurin? An tambaya sau uku. Yanzu an sa hannu, an kafa iyaka, kowa ya karɓi nasa. Sai dai duk magada su sake yarda, ki tara su ki gaya musu." Ya yi gaskiya, kuma ba da faɗa ya faɗa ba. Na koma na gaya wa Iya abin da nake shirin yi, ta ɗaure fuska irin yadda ban taɓa gani ba, ta ce in na sake tara mutane a kanta ba ta yafe ba.

A-kori-kura ɗaya ta kwashe kayanta duka, har da gadon da aka kwance. San da aka ba ta kuwa tun kafin nan Baffa ya sayar mata da shi. Inna ta rako ta har zaure, inda ba ta saba wucewa ba, suka tsaya suna kallon juna. Shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya. Inna ta ce, "To, sai mun zo." Iya ta ce, "A yafe ni." Shi ke nan sallamar tasu. Ni ce na yi kukan duka ukunmu, tun daga ƙofar gida har muka shiga ƙasar Ajingi, Iya na cewa in rufe mata baki kada direba ya ɗauka gawa ya ɗauko.

A Toranke ba a wulaƙanta ta ba. Ɗakin da ƙaninta ya ba ta na bulo ne, ya fi wanda ta bari kyau nesa ba kusa ba. 'Ya'yansa suna kiranta Gwaggo, suna kai mata ruwa, suna gaishe ta da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Ba ta jera kwanukanta ba, suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Duk ƙarshen wata in na karɓi albashi sai in hau mota in je, in kai mata goro da sabulu da ɗan sukari. Kafin in gama cire takalmi ta fara tambaya. Rijiyar gida ta yi ruwa bana? Innarku ƙafar tata da sauƙi? Wa ke yi mata daddawa yanzu, ita da ba ta iya ba? An yi wa katangar nan yaɓe kafin damina, ko sun bari ta zube? Amaryar tana share filin ko 'yar gayu ce? Ba ta taɓa tambayata dalilin shiruna ba. Ni ma ban taɓa tambayarta ko ta yi wannan lissafin ba, ko da yake matar da ta yi shekaru tana sayar da daddawa ba za a koya mata biyu da uku ba.

In na koma gidanmu kuwa sai in rasa inda zan ajiye jaka. Amaryar autanmu yarinya ce mai kirki, ta yi wa ɗakin fenti shuɗi, ta sa labule da kujeru, kullum sai ta ce, "Yaya, shigo mana ki huta." In shiga in zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita. A ɗakin Inna kuma ban san inda ake ajiye ko ludayi ba. Kowace kaka Yaya yana aiko mini da rabona na babbar gona, gero da dawa da wake, bai taɓa tauye ni ba. Nakan raba biyu in kai Toranke. Iya ta duba ƙwayar ta ce, "Na gefen gabas ne wannan, wajen ɗorawa," ta daɗe tana juya shi a tafin hannu kafin ta sa a ɗauke.

Kewarta ta dame ni tun tana raye, abin da ban san ana yi ba. Ina zaune kusa da ita a Toranke, ina jin muryarta, amma abin da nake so shi ne in shiga gidanmu in yi sallama in ji ta amsa daga bayan gajeriyar katangar nan, hayaƙi na tashi, tana cewa wa ya kunna rediyo.

Shekararta huɗu a can. Ta rasu da rana tsaka, bayan zazzaɓin kwana uku, kafin saƙo ya same ni a makaranta har an kai ta. Daga ɗakin bulon aka fitar da ita.

Ranar addu'ar uku na ɗauki Inna a mota muka je gaisuwa. Wannan ce tafiyarta ta farko zuwa Toranke, kullum tana cewa za ta je, ƙafa na hana ta. Ta shiga ɗakin, ta dubi gadon, ta dubi buhunan da ke ƙarƙashinsa, ta zauna a ƙasa ta yi addu'a mai tsawo. Da la'asar muka fito bakin hanya jiran mota, mu biyu kaɗai a kan wani benci. Ban taɓa zama da Inna mu biyu haka ba a rayuwata. Sai na fara ba ta labarin tsadar mota.

Ta katse ni. Ba ta kalle ni ba, hanya take kallo. Ta ce, "Ke. Ranar rabon nan me ya hana ki magana?"

Na ce, "Wace magana, Inna?"

"Kin sani. Ni da ban yi boko ba na gani, balle ke."

Na ce, "Kunyarki na ji. Na ga kamar in na cire nawa daga ɗakinki a gaban mutane na tozarta ki."

Wata mota ta wuce a cike, ba ta tsaya ba. Sannan Inna ta ce, "Carbin nan da kika ga ina ja, roƙon Allah nake ya buɗe bakinki. Da Malam ya yi tambaya ta uku har na ce yanzu za ta faɗa, wannan da ba ta iya shiru ba."

Na ce, "To ke me ya sa ba ki faɗa ba, Inna? Da kin ce uffan, da shi ke nan!" Da ƙarfi na faɗa, karo na farko da na ɗaga mata murya.

Ta ce, "In ce me? In ce a cire ki daga cikin 'ya'yana? Na ba da ke sau ɗaya kina goye, na yi shekara ina jin kukanki ta katanga ban leƙa ba. In sake ba da ke da bakina a gaban mutane, sai ki ce ban taɓa son ki ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ita kuma ba za ta roƙa ba, kada a ce don gado ta riƙe ki. Ke kaɗai ce maganar za ta yi kyau a bakinki."

Motar Gaya ta zo, yaron mota yana kiran mutum biyu. Na kama hannun Inna na taimaka mata ta hau, muka matsu a kujerar baya. Har muka isa ba ta saki hannuna ba, ni kuma ban san yadda ake riƙe shi ba.